Yankan gajere mai hawa-hawa zai ƙara wa siririn gashi cika?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Gashina irin mai laushin nan ne, silinsa siriri sosai, ya ɗan wuce kafaɗa, ina saka rilaksa duk bayan wata biyu. Kullum a kwance yake kamar an shafe shi a kan, ko na je salun an gyara kafin yamma ya koma. Naga wani yanka gajere mai hawa-hawa wanda suke cewa leya, ance yana sa gashi ya cika. In yanke ko in bari? Daga Unguwar Rimi nake.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki bari almakashi ya taɓa kanki tukunna sai kin yi wasu gwaji guda biyu da zan faɗa miki, a ɗaki ma zaki yi su, minti goma sun isa. Dalili kuwa shine yankan nan yana yi wa wata kyau sosai, wata kuma ya tona mata asiri, kuma dukansu biyun da suka shigo shagona kalma ɗaya suka faɗa, wai gashinsu ba cika. Na shekara goma sha ina wannan sana'a a nan Kaduna kuma abinda na fi gani mata suna haɗawa shine sirantar sili da ƙarancin gashi, alhali abu biyu ne daban.

Sirantar sili shine kaurin gashi ƙwaya ɗaya. Ki ciro sili ɗaya daga mataji ki murza tsakanin yatsu biyu, in da ƙyar kike jinsa ko ma baki jinsa sam toh siriri ne, ki ajiye shi kusa da zaren ɗinki zaki ga zaren ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Wannan halitta ce, yawanci gado ne, ba man da zai canza shi. Yawan gashi kuma shine sili nawa ne suka tsiro a fatar kan. Mutum yana da wajen sili dubu 100 a kansa, wani ya fi haka wani bai kai ba. Akwai mace mai siririn sili amma ga shi nan cunkus, irin wanda in zaki tsaga da ƙyar kike ganin fata, akwai kuma wadda silin siriri ne sannan kuma kaɗan ne. Leya ta farkon take yi wa aiki. Ta biyun kuwa in akai mata leya da yawa sai ta fita tana cizon yatsa.

Bari in gaya miki dalili dan in kin gane shi ba mai ruɗarki a salun. Almakashi baya ƙara gashi, ragewa kawai yake. Abinda leya take yi shine a gajarce gashin sama ya fi na ƙasa gajarta, sai nauyin da yake jan saiwar ƙasa ya ragu, saiwar ta samu ta ɗan ɗaga, ido ya ga kamar ya cika. Amma kinga duk silin da aka gajarce a sama ya daina kaiwa ƙasa kenan, an cire shi daga cikin masu haɗuwa su yi kaurin bakin gashin. Wato bashi kike ci daga ƙasa ki biya sama. In ƙasan yana da rara ba matsala, in kuma dama shi ma lallaɓawa yake toh sai ki samu sama ya ɗan tashi ƙasa kuma ya zama 'yan tsiraru kamar gezar tsohon gyale, ana hango wuyanki ta cikinsa.

Gwaji na farko. Ranar da kika wanke kai ya bushe, baki shafa mai ba, ki taje ki tattara shi duka baya ki kama kamar zaki yi fakin, ki ɗaure da ribom ba da ƙarfi sosai ba, sai ki ɗauko tef ɗin tela ki zagaye gindin damin. In bai kai inci 2 ba gashin kaɗan ne. Inci 2 zuwa 3 matsakaici. In ya doshi inci 4 toh kina da gashi, kwanciya ce kawai take ɓoye shi. Ba awo ne na asibiti ba, ƙiyasi ne da masu sana'a suke amfani da shi, amma yana faɗin gaskiya fiye da madubi.

Gwaji na biyu ya fi na farkon ma muhimmanci a wajena, dan shi zai nuna miki kamannin abinda zai rage bayan yanka tun baki yanka ba. Ki yafa farin tawul ko farin ɗankwali a kafaɗa. Ki tsaga gashin saman kai, daga gefen goshi na dama ki zagaya ta ƙasan tsakar kai ki dawo gefen goshi na hagu, kamar kin ɗora ƙaramar ƙwarya a ka kin bi bakinta. Ki tattara wannan na saman ki maƙale shi da kilif. Wanda ya rage a ƙasa ki taje shi ya kwanta a kan farin tawul ɗin, ki sa wani a gida ya ɗauki hoton bayan kan da waya. Wannan da kike gani a hoton kusan shine bakin gashinki in akai miki leya mai yawa. In ya rufe tawul ɗin, fari baya leƙowa, kina da abin da za a ciro leya daga ciki. In kuwa kina ƙirga silin da ido kina ganin fari ta ko'ina, amsarki ta fito, gajarta eh, leya a'a ko kuma kaɗan ƙwarai.

Kuma a wannan hoton dai ki sake na saman ki duba wani abu, daga ina farin yake fara leƙowa. Yawancin masu rilaksa zaki ga daga saiwa har wajen haɓa gashin a haɗe yake, daga nan zuwa ƙasa sai ya fara shara-shara saboda tsohon gashi ne da ya sha rilaksa da sitirecha da gogar ɗankwali, rabinsa ya karye a hanya. Inda shara-sharan ya fara nan ne layin yankanki. Ba hoton da kika gani a waya bane zai zaɓa miki tsawo, gashin ne da kansa zai nuna.

Shiyasa ni a ganina, kuma ina faɗa da ƙarfin gwiwa, kaso mafi yawa na cikar da mata suke gani bayan irin yankan nan daga gajartar take zuwa ba daga leyar ba. In aka datse siririn gashi a layi ɗaya miƙe, duk silin suka ƙare a wuri ɗaya, bakin sai ya yi kauri kamar bakin sabuwar tsintsiya da aka daidaita. Leya ƙari ce a kai, kamar gishiri a miya, kaɗan ake sawa.

Bari in baki labarin wata kwastomata, malamar makaranta ce daga Malali, nata kusan irin naki ne. Siririn sili, rilaksa, tsawonsa daga tsakar kai zuwa baki wajen inci 14. Da muka auna damin ya ba mu inci 2 da rabi, wato matsakaici. Da muka sa farin tawul sai muka ga inci 4 na ƙarshe duk iska ne. Tazo da hoto a wayarta na wata baturiya da akai wa leya tun daga saman kunne, gajeru-gajeru, tace irin wannan take so. Nace mata Hajiya in na miki wannan gobe ba zaki gaishe ni ba, ki bari in miki wanda kanki zai ɗauka, in bai miki ba bayan sati biyu ki dawo in ƙara, dan ragewa kullum tana yiwuwa amma mayarwa sai Allah.

Na wanke, na busar na miƙar da shi tukunna kafin na yanka. Wannan ki riƙe shi, gashi mai rilaksa a bushe a miƙe nake yanka shi, saboda akwai sabon toho a saiwa da yake lanƙwashe kuma ba daidai yake a ko'ina ba, in kika yanka a jiƙe layin zai yi miki kyau a lokacin, yana bushewa sai ki ga gefe ɗaya ya fi ɗaya. Na fara da ƙeya na kafa layi a miƙe ɗan ƙasa da haɓa kaɗan, ba tare da na ɗaga gashin daga jikin wuya ba. Inci 4 da rabi suka tafi. Tun a nan kafin in yi komai ta kalli madubi tace kai, kamar an ƙara min. Daga nan sai na bi bayan kan daga ƙeya zuwa ƙashin nan da yake ɗan turowa a baya, ina ɗaga kowane sashe rabi-rabi, a makarantar gyaran gashi digiri 45 ake ce masa, ba a kwance ba kuma ba a tsaye cak ba. Abinda wannan yake yi shine na ƙasa gajeru su zama kamar matashi, na sama masu ɗan tsawo su hau kansu su zauna, sai bayan kai ya yi tudu da kansa ko ba rola. Wannan fa ba leya bace irin wadda kika gani, ita leya nauyi take cirewa, wannan kuma tara nauyi yake a inda ake so, kuma ga siririn gashi shi na fi yarda da shi.

Leyar gaske a wuri ɗaya kawai na yi mata, tsakar kai, fili kamar faɗin tafin hannu. Na ɗaga shi tsaye na cire inci 1 da rabi kacal. Ƙa'idar da nake bi ga siririn gashi ita ce kar tazarar da ke tsakanin mafi gajarta da mafi tsawo ta wuce inci 2. In ta wuce sai ki ga hawa ya fito ƙarara kamar matakalar bene, saboda siririn gashi mai santsi baya ɓoye sawun almakashi, duk inda aka yanka sai ya nuna. Gefe da gefe kuwa, daga kunne zuwa gaba, ban taɓa shi da leya ba ko kaɗan. Ki taɓa kanki yanzu ki ji, bayan kunne gashi yana sauka har ƙeya, amma gaban kunne a saman kunnen ya tsaya, kenan dama can gashin wajen kaɗan ne a kan kowa, ga kuma mu nan da kitso da ɗaurin ɗankwali sun riga sun ci gefen. Mai gyaran da ta zo ta yi miki leya a nan ita ce take barinki da 'yan sili biyar a kowane kunci.

Ta dawo bayan sati bakwai na daidaita mata baki, bata ce a ƙara leya ba. Kokenta biyu ne kuma gaskiya ne, zan zo kansu.

Ɗayar kuma da ba zan manta ba, farkon fara aikina ne, kuskuren nawa ne. Wata mai jego ce tazo, jaririnta wata huɗu, tace gashinta ya kwanta ya lalace a yi mata leya. Ban tambayi komai ba na yi mata. Ashe zubar bayan haihuwa ce take ciki, wadda take farawa wata biyu zuwa huɗu bayan an haihu, kuma yawanci da kanta take tsayawa gashin ya dawo kafin yaro ya shekara. Na cire mata nauyi a lokacin da gashin yake kan zuba, wata ɗaya bayan nan ƙasan ya zama ba komai, dole muka datse shi gaba ɗaya har saman haɓa wanda ba haka ta so ba. Har yau abin yana damuna, kuma tun daga ranar ba na yanka wa mace gashi sai na tambaye ta, haka yake tun kina yarinya ko kwanan nan ya canza?

Ke ma ki tambayi kanki. In tun tasowarki haka yake toh maganar yanka ce. In kuwa da yana da cika yanzu ya ragu, ko tsagar tsakiya tana ƙara faɗi, ko kina ganin gashi a filo da wajen wanka fiye da da, toh ba almakashi ne farko ba. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba komai bane, kowa yana yi, kuma in kin yi sati biyu da kitso kika tsefe dole ki ga da yawa dan na kwanakin ne suka taru. Amma wanda ya wuce haka yana da dalilai, haihuwa, zazzaɓi mai zafi da akai wata biyu ko uku da suka wuce, ƙarancin jini, matsalar tayirod wato ƙwayar nan da ke gaban wuya, ko kuma jan kitso in a gefen goshi ne. Wannan likitan fata zaki nema, ki je babban asibiti kamar Barau Dikko ko na Shika a duba jininki. Gefen goshin nan musamman kar ki yi wasa da shi, in aka daɗe ana ja har wajen ya yi sumul yana sheƙi saiwar mutuwa take yi.

Sai maganar rilaksa, dan ina zargin rabin kwanciyar nan taki daga nan take. Siririn sili baya buƙatar mai ƙarfi, kuma baya buƙatar a bar shi ya daɗe, da wuri yake nuna. Abinda nake gani kullum shine a saka wa mai laushin gashi irin wanda ake saka wa mai taurin gashi, a shafe shi tun daga saiwa har baki duk zuwa, a bar shi sai ya fara zafi. Gashin da akai wa haka ya riga ya mutu a miƙe, ba sauran ƙarfin da zai tsaya, ko wane irin yanka akai masa kwanciya zai yi. Ki koma mara ƙarfi, a sabon tohon kawai, kuma ki ja lokacin daga sati 8 zuwa sati 10 ko 12. Wannan ɗan tohon na saiwa da kike gani kamar abin kunya shine yake ɗaga miki gashi kyauta, ki lura ai sati biyun farko bayan rilaksa ne kanki ya fi lafewa. Ni da zaki bi tawa ma sai ince ki fara gyara wannan na wata uku ki gani kafin yanka, wasu daga nan suke fasa leyar gaba ɗaya su tsaya a datse baki.

Da mai. Mu nan an saba in ba a ga kai yana ƙyalli ba kamar ba a gyara ba, man kaɗanya, basilin, a tsaga a shafa layi-layi. Ga mai kaurin gashi ba laifi, ga naki kuwa kamar a jiƙa auduga ne, silin sai su manne da juna goma su zama ɗaya fata ta fito. Ɗigo biyu ko uku na mai mara nauyi a tafin hannu, ki murza ki shafa daga tsakiya zuwa baki, saiwa ki ƙyale ta. Kwandishana ma haka, daga tsakiya zuwa ƙasa, ki ɗauraye sosai. In kina son man kaɗanyarki ki shafa kafin wanki ki bar shi awa ɗaya sannan ki wanke. Lokacin hunturu ne kawai nake cewa a ɗan ƙara a baki dan iskar Kaduna ta Disamba da Janairu tana busar da shi ya riƙa tashi yana bin ɗankwali yana karyewa.

Toh ga koken malamar nan na farko, ɗankwali yana lafar mata da gashin, kuma ya kamata ki auna wannan tun yanzu. Hotunan da kike gani na mutanen da suke yawo da kai a buɗe ne, an busar an ɗauki hoto nan take. Ke kuwa in dai kina fita da ɗankwali ko hula da hijabi, awa shida ko takwas kan yana danne a cikin zafi da gumi, ba yankan da zai jure wannan, kina cirewa zaki same shi a lafe. Bambancin kawai shine gajere mai kyakkyawan yanka yana farfaɗowa da wuri, ki sunkuyar da kai ki sa yatsu a saiwa ki girgiza, minti biyu ya tashi, dogo kuwa sai an sake gyara. Abinda yake taimakawa, kar ki taɓa ɗaura ɗankwali a kan da bai gama bushewa ba dan a yadda ya bushe haka zai zauna, ki sa hula mai santsi a ciki, sannan kafin ki ɗaura ki juya gashin saman zuwa gefen da ba nan yake kwanciya ba, in kin dawo gida kika mayar da shi gefensa sai saiwar ta miƙe. Ranar wanki kuma rola huɗu ko biyar manya a tsakar kai sun isa, ki ɗaga gashin sama sosai kafin ki naɗe, kuma kar ki cire sai ya bushe ya huce gaba ɗaya, a hucewar ne yake kama siffa. Ko an ɗauke wuta zaki iya, ki naɗa da ɗan danshi ki yi aikin gidanki ya bushe da kansa, sai dai da damina yana ɗaukar lokaci kuma baya daɗewa kamar na rani.

Abu na biyu da ta rasa shine kitso da fakin. Gashin da ya tsaya a haɓa baya tattaruwa duka a ribom ɗaya, na ƙeya zubowa yake. Kitso yana yiwuwa amma jelar gajera ce, shuku ba zai yi kyau ba sai da ƙari, kuma inda akai leya bakin gashin yana tsattsagowa daga cikin kitson bayan kwana uku huɗu tunda santsi ne da shi. In ke mai zama da kitso ce sati-sati, gashin a sake sai ranar wanki, gaskiya leya bata da amfani a wajenki sam, asara ce kawai. Ki datse shara-sharan baki ki tsaya a nan. In kuma fakin ya zame miki dole toh kar ki wuce ƙashin wuya, wannan na saman ƙirji, a nan yana kamuwa kuma yana da kauri.

Ki kuma yi lissafin lokaci. Gashi yana tsiro wajen rabin inci a wata, inci 6 a shekara in bai karye ba. In aka cire miki inci 4 da rabi kamar nata wata tara kenan kafin ya dawo. In akwai biki a gabanki ko kina son kitson Sallah na musamman ki bari ya wuce. Kuma in da aure ki yi maganar da maigida tun kafin, na sha ganin wadda ta fita tana murna washegari ta kira ni rai a ɓace. Sannan gajeren yanka yana son a riƙa daidaita shi duk sati 6 zuwa 8 in ba haka ba tudun bayan yana saukowa ya koma ya lafe, ki sa wannan kuɗin a lissafi.

Wajen zaɓar mai yi kuma dan Allah ki natsu. Salun da yawa a garin nan sun iya wanki da sitimin da kitso da saka ƙari amma yanka fanni ne daban, ba kowa ya koya ba kuma ba kowa zai ce miki bai iya ba. Ki ce ta nuna miki hoton aikin hannunta a kan gashin mutum na gaske ba wig ba. Ki kalli almakashin, in wanda ake yanka zaren ƙari da leda ne da shi ki tashi, dakusasshen almakashi tauna bakin gashi yake ya bar shi a tsage. In ta ɗauko reza ko almakashin nan mai haƙora kamar mataji ki ce a'a, an yi su ne dan rage wa masu gashi da yawa, a kan siririn gashi bakin suke cinyewa ya riƙa tashi buzu-buzu. Abinda zaki ce mata a taƙaice shine, baki a layi ɗaya miƙe, baya a ɗan tara shi, leya a tsakar kai kawai kar ta wuce inci 2, gaban kunne kar a taɓa. Ki ce ta fara yanke layin ƙasa ta tsaya ta baki madubi kafin ta ɗaga ko sili ɗaya sama.

In an gama ga yadda zaki gane ko an yi daidai. Ki sake yafa farin tawul ɗin nan ki ɗauki hoto, bakin ya kamata ya fi na da duhu da kauri. In ya fi na da haske an cire da yawa. Ki girgiza kai ki bar shi ya zauna da kansa, in kina ganin layi a kwance a bayan kai inda na sama ya ƙare toh tazarar ta yi yawa ko ba a haɗa hawan da kyau ba. In a tsakar kai wasu gajeru sun miƙe tsaye ko wajen ya buɗe fata ta fito, an yanka ƙasa da kima a inda gashi yake juyawa, wajen nan yana buƙatar tsawo ya danne shi, shiyasa ni ba na barin na tsakar kai ya gaza inci 5 ko 6 a irin wannan yankan. In hakan ta faru kar ki bari a ce za a gyara da ƙarin leya, gyaransa shine a riƙa datse ƙasan kaɗan-kaɗan duk wata biyu ana barin saman ya kamo shi.

Ki yi awon nan biyu ranar wankinki mai zuwa, ki faɗa min inci nawa kika samu, daga ina farin ya fara leƙowa, da kuma ko kina yawan zama da kitso, sai in gaya miki daidai inda za a sa almakashin.